Na rubuta "turmi", mai saye ta ce na cuce ta

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka min da shawara. Ƙanin maigidana ne ya buɗe shagon sayar da shadda a intanet, ni kuma ya ba ni aikin mayar da bayanin kaya zuwa Hausa, tunda ni ce ke gida kuma na ɗan taɓa karatu. Sati uku ina yi, da dare bayan yara sun kwanta, ko sisi ban nema ba. Dilan da yake saro kaya a wurinsa ya rubuta mita 5, faɗi santimita 160, Yuro 40. Ni kuma na sa "turmi ɗaya" don ya fi daɗin ji. Yanzu wata ta saya, tela ya ce bai isa ba, tana neman kuɗinta. Tun jiya ban runtsa ba. Laifina ne?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Hajiya, kuskuren a kalmar turmi yake. Duk wadda ta ji turmi, yadi shida ta sa a ranta, don haka aka saba da atamfa. Yadi shida kuwa ya kusa mita biyar da rabi, ke kuma mita biyar kike da shi. Kin ga an rage mata kusan rabin mita, santimita 49, kuma a wurin tela wannan hannun riga ne ko ɗankwali. Abin da za ki rubuta shi ne: "Tsawo: mita 5, wato yadi 5 da rabi ba kaɗan. Faɗi: inci 63." Ki bar mitar a gaba saboda ita ce ainihin abin da aka yanka. Faɗin ma kada ki cire shi, yawancin telolinmu da inci suke awo, kuma da faɗin suke gane ko yadin zai fitar da ɗinkin.

Maman Hanan: Malam, ai ban ce yadi shida ba. Turmi na ce, ina nufin yanki guda a naɗe. Kuma ga hoto a wurin.

Malam Sabi'u: Hoto ba ya nuna tsawo, Hajiya. Abin da mai saye ta fahimta shi ne ciniki, ba abin da ke ranki ba.

Anti Rabi: Ni dai tunda na sayi leshi a wani shafi aka kawo min wata kala daban na daina yarda da su. Kwana tara ina kira ba a ɗauka. Maman Hanan ki mayar mata da kuɗinta kawai, hakkin mutum ba abin wasa ba ne.

Issoufou: Yaya, wa kuke sayar wa? In har da mu na Nijar, ki kula da kuɗin. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kowane Yuro ɗaya, don haka Yuro 40 ya kama sefa 26,238, kuma gobe ma haka yake. Naira ce ke hawa da sauka. Sannan kada ki rubuta farashi da kalmomi. A wurinmu jaka sefa dubu ce, a wurinku naira ɗari biyu. In muka ce dala, sefa biyar muke nufi, ba kuɗin Amurka ba. Lamba da alamar kuɗin sun wadatar. Mu kuma mita muka fi sani.

Bashir: A cire mita gaba ɗaya, a sa yadi, a canza Yuron zuwa naira a rubuta cikin bayanin, shi ke nan.

Malam Sabi'u: A'a Bashir. In ta rubuta naira cikin jimlar bayani, ran da canji ya motsa sai ta bi kaya ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa, in ta manta ɗaya farashi biyu ya bayyana a shafi guda. Farashi ya zauna a gurbinsa na farashi kaɗai. Kuma ba Yuro 40 za a canza ba, wannan kuɗin sari ne, babu dako babu riba. Na duba shafin naku ma, Hajiya: kin rubuta "Ki saya yanzu kafin ya ƙare!" Maza ma suna sayen shadda. Ki koma "ku", ya haɗa kowa kuma akwai girmamawa. Gaggawar nan ita ma ki sauke ta, "Ga shadda mai sheƙi, ku duba awonta kafin ku yi oda" ya fi kwantar da hankali.

Anti Rabi: Ni kuwa "ki" ta fi min, sai in ji da ni ake. "Ku" kamar sanarwar rediyo.

Maman Hanan: Na gode. Amma fa mata ne suka fi saye, shi ya sa na sa "ki". Turmin zan cire. Kuɗin matar ne ban san wa zai biya ba, ni ko ƙanin maigidan nawa, don har yanzu ban faɗa masa ba.