Saƙon ƙarfe goma sha ɗaya na dare: wa ke da laifi?

Malam Auwalu: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Shugabar makarantarmu ta turo saƙo a zauren WhatsApp na malamai ƙarfe 11:40 na dare. Ta fara da sallama, da godiya, da addu'ar Allah ya ƙara mana haƙuri, da maganar tsaftar aji, da batun kuɗin adashe. Sai can ƙasa, bayan ka danna Read more, ta ce taron da aka sa ƙarfe 10:00 ya dawo 7:30 na safe. Kafin gari ya waye an binne shi da "Amin" da "Noted ma" da sitika. Ban gani ba, na zo a makare, yau ga takardar tuhuma a hannuna. Ni dai na ce duk wannan surutun da ake jibgawa kafin a zo kan magana shi ke kashe aiki. Na yi ƙarya?

Hajiya Binta: Tsaya Auwalu. Sallama da addu'ar ne surutu?

Malam Auwalu: Hajiya ba haka nake nufi ba.

Hajiya Binta: Haka ka rubuta, ga shi nan kowa yana gani. Mace ta girme ka, ta yi maka sallama, ta yi maka addu'a, ka kira shi surutu. Da ta turo "7:30 taro" tsirara, ku ne dai za ku ce ta raina ku, tana ba ku umarni kamar yaran gidanta. Ni ma ina da ma'aikata a ƙarƙashina, na san halinku.

Nura: To ai gaskiya ɗaya ce Hajiya. Zauren aiki ba gidan suna ba ne. A faɗi magana a wuce.

Alhaji Tanko: Kai Nura, ko a ofis ka shiga wurin babba sai ka gaishe shi kafin ka buɗe fayil. Waya ba ta canza tarbiyya.

Sagir: Ku bari in sa baki, don aikin da nake ci da shi ke nan, ni ke fitar da sanarwa a ofishinmu. Sallama ba ta da laifi, layi ɗaya ce. Matsalar ita ce inda aka ajiye maganar da ake son mutum ya yi aiki da ita. Idan saƙo ya shigo, abin da mutum ke gani a fuskar wayarsa kalmomin farko ne kawai. A jerin hirarraki kuwa saƙon ƙarshe ne ke bayyana, wato "Amin" ɗin wanda ya yi magana a ƙarshe. In ya buɗe zauren kuma saƙon ya yi tsawo, WhatsApp yana yanke shi ya sa Read more. Duk abin da ya faɗa ƙarƙashin wannan yankan, sai mai niyya ne zai gan shi. To ita shugabar ta sa abin da ba ya canzawa a sama, godiya da addu'a, ta sa abin da ya canza a ƙasa. Da ni ne, ga yadda zan buga shi:

```
Assalamu alaikum malamai.
*Taron Laraba ya dawo 7:30 na safe, ba 10:00 ba.*
Wuri: ofishin shugaba. A zo da makin jarrabawa.
Wanda ya gani ya sa alamar 👍 a kan saƙon, ba sai an amsa ba.
```

Taurarin nan biyu su ke sa rubutun ya yi kauri. Ga sallama tana nan, ba a zubar da mutuncin kowa ba. Tsaftar aji da adashe su fita a saƙo na daban, ko a bar su sai wurin taron. Ku kuma lura ban rubuta "gobe" ba. Wanda ya karanta "gobe" da asuba zai iya ɗauka washegari ake nufi, ba ranar da ya karanta ba. A rubuta sunan ranar, in da hali har da kwanan wata.

Hajiya Binta: Ka ga Sagir bai cire sallama ba. Ke nan ba surutu ba ce. Auwalu ya janye kalmarsa kawai.

Malam Auwalu: Hajiya ana maganar taro kina maganar kalma.

Hajiya Binta: Kalmar ce ta nuna abin da ke zuciyarka game da shugabarka.

Maman Ilham: Ni abin da ya fi ƙona min rai masu turo hoton jariri da katin biki a zauren aiki. A asibitinmu jadawalin aikin dare ya taɓa ɓacewa a tsakiyar barka, har mutum biyu suka zo aiki ɗaya, wani ɗakin kuma babu kowa. Kuma kada a ce dare bai dace da tura saƙo ba. Mu masu kwana a bakin aiki fa? Daren shi ne ranarmu.

Nura: Maman Ilham ba a kan asibiti ake ba. Malamin makaranta ne, ƙarfe goma ya kwanta.

Maman Ilham: To ai aiki aiki ne.

Sagir: Tana da gaskiya ta wani gefen, lokaci ya danganta da irin aikin. Abin da nake bi shi ne in ƙirga daga lokacin da ake son mutum ya motsa, in koma baya. Malamin da zai kasance a makaranta 7:30 yana barin gida wajen 6:30, da yawa kuma ba sa kunna data sai sun isa, wasu wayar ma babu caji saboda rashin wuta. Ke nan dama ta ƙarshe da za ka same shi ita ce tsakanin tashi daga aiki da bayan isha'i. Duk canjin da ya zo bayan wannan, WhatsApp kaɗai ba ya isar da shi. A kira mutane a waya, ko a raba sunaye wa shugabannin sashe kowa ya kira nasa.

Alhaji Tanko: Ni fa duk wannan rubutun naku ne ke jawo rigima. Da saƙon murya ta yi, kowa zai ji a muryarta cewa ba faɗa take ba. Direbobina rabinsu ba sa karanta boko sosai, da murya muke aiki lafiya lau.

Nura: Alhaji saƙon muryarka minti bakwai yake yi, rabi gaisuwa ne.

Alhaji Tanko: Ka ji ɗan zamani. Ai akwai wurin ƙara masa sauri, ka sa 2x ka huta.

Sagir: Ranka ya daɗe, ga direbobi murya ta fi, ban musa ba. Amma murya ba a iya bincikenta. In ka manta ƙarfe nawa aka ce, rubutu kana buga "taro" a Search ya fito, murya kuwa sai ka sake saurara daga farko, kuma ba ka iya kunna ta a cikin aji ko a cikin mota cike da mutane. In dole ne murya, a faɗi lokaci da wuri a daƙiƙoƙin farko, sannan a bi ta da layi ɗaya a rubuce.

Nura: Ni maganin da na yi wa kaina Mute. Na sa Always, ko shugaban ƙasa ne ya yi magana ba na ji. Ita ma shugabar da ta gyara saƙon da safe ta maida lokacin sama, da shi ke nan.

Sagir: Biyun duka da gyara. Ko ka sa Mute, in aka ambaci sunanka da @ ko aka amsa saƙonka kai tsaye, sanarwa za ta zo maka. Edit kuma minti 15 kawai yake bayarwa bayan an tura, sannan ba ya sake kaɗa wayar kowa, don haka wanda ya riga ya karanta ba zai san an canza ba. Abin da ya kamata ta yi shi ne Pin. Yana maƙale saƙon a saman zauren na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, ko an yi "Amin" ɗari yana nan.

Hajiya Binta: Ga wanda ya kira addu'a surutu, ga wanda ya toshe kunnensa daga zauren aiki. Sannan a ce laifin shugabanni ne.

Malam Haruna: Auwalu, tambaya ɗaya. Ka buɗe zauren da safen nan ko ba ka buɗe ba? Don in ta danna Info a kan saƙonta, za ta ga sunan duk wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. A zaure ko ka kashe shuɗin alamar nan ba ya ɓoye ka.

Malam Auwalu: Na buɗe wajen ƙarfe shida Malam. Na ga "Amin" jere, na ɗauka rasuwa aka yi ko addu'ar safe ce, na sa nawa na rufe.

Hajiya Binta: Au, kai ma ka sa Amin ɗin? To kai ma ka yi surutun ke nan.

Nura: Wannan ai hujjarsa ce Hajiya, ba taki ba. Saƙon da mutum zai amsa da Amin bai san an canza masa lokacin aiki ba, saƙon ne bai yi aikinsa ba.

Sagir: Info yana nuna saƙon ya bayyana a gaban mutum, ba ya nuna ya danna Read more. Shi ya sa ban yarda a kafa tuhuma a kansa kaɗai ba. Mu abin da muka yi, zaure biyu muka buɗe. Ɗaya na sanarwa, an saita shi shugabanni kaɗai ke iya turawa. Ɗaya na hira, a can ake barka da ta'aziyya da adashe.

Maman Ilham: Mun gwada wannan. Mutane suka ce an rufe musu baki, wasu suka fita.

Alhaji Tanko: Sun yi daidai. Wurin da ba zan iya cewa uffan ba, me nake yi a ciki?

Sagir: Alhaji ai na biyun a buɗe yake.

Alhaji Tanko: Zaure biyu, data biyu. Kai za ka saya musu?

Malam Auwalu: Har yanzu babu wanda ya ce min ko tuhumar nan ta dace.

Malam Haruna: To bari in tattara, dare ya yi. Na shekara da shekaru ina shugabantar makaranta, kuma abin da na fahimta daga bakin jama'a shi ne an yi ittifaƙi sallama da addu'a ba surutu ba ne, kuma Auwalu ya yi kuskure da ya faɗi haka. An kuma tabbatar ya buɗe zauren bai karanta ba, wanda hakkin ma'aikaci ne ya karanta saƙon shugabansa har ƙarshe. Shawarwarin Sagir na Pin da sauransu ba laifi, shugaba in ta ga dama ta ɗauka, amma mai aiki da yawa ba kullum yake samun sukunin tsara rubutu ba, kuma turawa da dare alama ce ta ba ta yi barci ba tana tunanin makaranta. Auwalu ka amsa takardar cikin ladabi, ka ba ta haƙuri.

Nura: Malam da wa aka yi ittifaƙin? Ni ban yarda ba, Sagir ma cewa ya yi kada a kafa tuhuma a kan Info.

Hajiya Binta: Malam ya gama magana. Ka kuma cire Mute ɗin nan kafin kai ma a ba ka taka takardar.