Oga baya buɗe imel ɗina, me zan rubuta a sama?

Sabi'u Auyo: Salam jama'a dan Allah a bani shawara. Ni ke kula da siton wani kamfanin shinkafa a nan ƙauyenmu, rufin yana yoyo ga shanshera buhu 300 a ciki ga damina ta kankama. Kafinta ya ce N85,000, kuma dokar kamfani sai manaja ya amince ta imel. Na tura shiru, a gurbin Subject na sa "Barka da aiki ranka ya daɗe". Me ya kamata in sa?

Malam Garba Haɗejia: Sabi'u matsalar tana nan a gurbin da ka ambata. Na daɗe ina aikin sakatare, na ga yadda manyan nan suke duba saƙo, a waya ne, a mota ko tsakanin mitin, ɗan yatsa na gudu, sunanka da layin nan na sama kawai yake gani sai ɗan guntun farkon saƙo. In ya ga gaisuwa zai ce wannan ba ta ƙonewa, bari sai anjima, kafin anjimar wasu sun danne naka ƙasa.

Abu uku nake so ya gani tun bai buɗe ba: me kake so ya yi, zuwa yaushe, akan me. Kuma ka fara da abin da zai yi ɗin, don waya tana yanke layin, yawanci haruffa talatin zuwa arba'in take nunawa sauran ɗigo-ɗigo ne. Ni da ni ne haka zan sa:

"Amincewa kafin Alhamis: N85,000 gyaran rufin sito Auyo"

Ko ta yanke daga bayan kuɗin ya riga ya san sa hannunsa ake jira, ya san ranar, ya san nawa ne. Amma in ka fara da "Game da batun siton da ke Auyo wanda..." an yanke kafin ka zo inda maganar take. Ka fara tura wa kanka ka duba a wayarka ka ga inda ya tsaya.

Nafi'u: Kawai ka sa URGENT da manyan baƙi yaya, wlh yana aiki

Malam Garba Haɗejia: Yana aiki sau ɗaya ko biyu Nafi'u. Kowane mai sito haka yake sawa, har mai neman kuɗin kati, daga baya idon oga ya daina ganinta. Gaggawar a nuna ta da dalili, "buhu 300 na jiƙewa" ta fi URGENT goma tada hankalin mai kaya.

Hajiya Ladidi: Ni fa ban yarda a cire gaisuwa ba, ina tarbiyya? yaro ya rubuta wa ubangidansa ba sallama ba komai sai maganar kuɗi

Anti Rabi Kafin Hausa: Hajiya ba cirewa za a yi ba, gaisuwar tana cikin saƙon, layi ɗaya ya ishe ta. Saman ne kawai ake magana. Sabi'u ƙanina ga wani abu da ya taɓa samun mu a asibitin da nake, mai kula da magani yakan nemo tsohon saƙon oga ya danna Reply ya rubuta sabuwar buƙata a ciki, sai ya tafi da "Re: Rahoton watan Maris", oga ya ɗauka tsohuwar magana ce da aka gama, firijin rigakafi ya lalace babu wanda ya sani a can. Sabuwar magana sabon saƙo. Kuma kar ka haɗa rufi da albashin maigadi da kuɗin mai a saƙo ɗaya, zai amsa mai sauƙin ya bar sauran.

Sabi'u Auyo: Nagode sosai. To amma Malam, kuɗin nan a sama ba zai sa ya tsorata ya ƙi buɗewa ba? Mutumin baya son jin kashe kuɗi

Malam Garba Haɗejia: Ni dai zan bar shi, wanda na yi wa aiki ya fi son ya ga adadi don ya san ko ikonsa ne ko sai ya kai sama. Ka kuma sa kwanan wata kusa da Alhamis ɗin, kar ya buɗe ran Juma'a ya zata ta mako mai zuwa kake nufi.

Anti Rabi Kafin Hausa: Anan mun saɓa Malam. Irin wannan ogan asarar zan nuna masa tukuna, "Buhu 300 na jiƙewa a Auyo: a amince da gyara kafin Alhamis", kuɗin ya same shi a layin farko na ciki tare da hoton yoyon da takardar kafinta. Kai ka san halinsa Sabi'u, ka zaɓa.

Nafi'u: Kuma in ka tura ka kira shi ka ce ya duba, ka shimfiɗa tamfol kan buhunan kafin nan, hadari nake gani ta gabas