Wace sanarwa zan saka wa sabon dambuna?

Mai Gidan Abinci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan abinci a wajen Zoo Road nan Kano, ranar Asabar zan fara dambun shinkafa da zogale da soyayyar zabuwa, filet 30 kawai don gwaji. Na rubuta guda biyu na kasa zaɓa. Ta farko: "Sabon abinci mai daɗi ya iso, ku garzayo." Ta biyu: "Dambu wara-wara yana tururi, ya sha zogale da dakakkiyar gyaɗa, man gyaɗa soyayye da albasa na ƙamshi a kai, ga zabuwa ta soyu jawur." Wacce zan saka a WhatsApp, kuma in rubuta kuɗi ko in bari a tambaya? 3,500 nake so in sa.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Wayyo Hajiya kin tsinka min yawu ina zaune a ofis, waye zai biya min wannan santin 😂

Tsohuwar Mai Tuwo: Ta biyu, 'yata. Shekara 12 ina sayar da abinci, "mai daɗi" ba ya kawo kowa, ai babu mai cewa nasa ba daɗi. Amma wara-wara duk wanda ya taɓa cin dambun da ya caɓe ya san me kike nufi, ƙamshin albasa a mai kuwa hanci ya riga ya san shi. Abu ɗaya zan gyara miki, ta yi tsawo. Ki tsaya kan biyu, wara-waran da ƙamshin man, zabuwar hoto ya nuna ta. Ki ƙara "filet 30 ne, daga 12:30" sannan ki sake ta wajen 11 na safe lokacin da ciki ya fara kira. In kika saka da daddare mutane sun ƙoshi, kafin gobe ta nutse ƙarƙashin sitatus ɗin wasu.

Ɗan Kwari: Ni dai shawarata ki yi bidiyo da waƙa ki biya a tallata miki, rubutu wa yake karantawa yanzu

Tsohuwar Mai Tuwo: Bidiyon ba laifi Malam, amma ba waƙa. A ji ƙarar man da ake zubawa, a ga cokali ya shiga dambun ya warware.

Mai Sinasir: Hmm Anti ki yi hankali da kalmar tururin nan, ni ita ta kashe min kasuwa wallahi. Bara na fara masa da miyar taushe na rubuta da zafinta, gefe rumus-rumus ciki laushi tuɓus, oda ta zo sama da 40 rana ɗaya na yi ta murna, ashe masa in ka rufe ta a roba da zafi gumi take yi, kafin mai kai saƙo ya kai Hotoro daga Kabuga duk ta yi laƙwas ba rumus ko ɗaya. Wata ta ɗauki hoto ta haɗa da rubutuna ta watsa a guruf ɗin unguwarsu, har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba ƙarya ta yi ba, ni na yi alƙawarin abin da ba zai kai gidanta ba.

Mai Gidan Abinci: Subhanallah, sannu 'yar uwa. To dambu ma zai iya haka?

Mai Sinasir: Sosai. Ki zuba a tekawe ki rufe ki ajiye minti 40 ki buɗe, abin da kika gani shi za ki rubuta. In ruwa ya taru a murfi ya dunƙule to ki bar shi ya sha iska kafin rufewa, man kuma a ƙulla daban.

Uwar Biyu: Amma 3,500 da zabuwa? Mu nan Kaduna 5,000 na saya da cinyar kaza ma

Ɗan Kwari: Haba, 1,500 nake ci a bakin kasuwa har in rage

Uwar Biyu: Da zabuwa Malam? Kai da atamfa kake sayarwa ka bar masu tukunya su yi magana

Ɗan Kwari: Ai mu ne masu sayen, Hajiya. Kuma in ban ga kuɗi a rubuce ba wucewa nake, ba na son in tambaya in ji kunya.

Tsohuwar Mai Tuwo: Nan kam ya yi gaskiya, ki rubuta kuɗin. Kuma ki faɗi rabin zabuwa ne ko yanka biyu, a nan rigima take fitowa.

Mai Sinasir: Ni duk masu kai saƙon nan ne matsalata, ya ce miki yana Gadon Ƙaya alhali oda huɗu ya haɗa yana zagaye gari, abinci ya huce kwastoma ke zai zaga

Uwar Biyu: Kuma kuɗin kaiwa kullum sai ya ƙaru wai mai ya tashi

Mai Gidan Abinci: Yanka biyu ne. Yanzu na rufe ɗaya a roba zan duba bayan la'asar. Tururin dai in cire ko in ce na masu ci a shago ne? Kuma don Allah akwai mai amintaccen ɗan babur wajen Zoo Road?