Wanda aka tsokana: ya rama ko ya yi dariya?

Isufu: Ni dai na ce in aka tasa ka gaba da tsokana a fada, ka yi dariya ba ka rama ba, to an ci ka. Dariyar dole ce kawai. Wa ke da ja?

Kawu Mamman: Ni ne, ɗana. Sallar layya da ta wuce, a fadarmu ta Bukoki, wani Ba'are ya zo da sabon ɗinki, tela ya yanke masa wando bai kai idon sawu ba. Bafillacen da ke dafa shayi ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Bawana, kogin Kwara za ka ƙetare?" Fada ta kwashe da dariya. Mutumin nan bai ja wandon ƙasa ba, bai kama sunan tela ba. Ya bari aka yi dariyar, shi ma ya yi, sannan ya miƙe ƙafafun a tsakiyar tabarma ya ce, "To ku ƙare kallo, gobe na kuɗi ne." Shi ke nan. Kafin a zuba shayi na biyu an koma hirar tsadar raguna. Da ya tsaya bayani, cewa mita uku ya ba tela, tela ne ya cuce shi, da yanzu Mai-Ƙetare ake ce masa a kartiye.

Isufu: Ai ramawa ya yi ke nan, Kawu.

Kawu Mamman: A'a. Bai taɓa Bafillacen ba ko da kalma ɗaya. Maganar da aka jefo masa ya cafe, ya ƙara mata gishiri sau ɗaya, ya sake ta. Ramuwar sai bayan kwana biyu ya yi, da shayin Bafillacen ya ƙone, kuma daidai nauyin abin da aka yi masa.

Rakiya: Yaya Isufu yana da gaskiya ta wani gefe. Akwai dariyar dole, kuma ba ta ɓuya. Baki na dariya, ido ba ya yi. Ko mutum ya fi kowa ƙyaƙyatawa alhali kowa ya gama. Ko ya zaro salula yana latsawa ba kowa ya kira shi ba. Wanda ya fi tona asiri shi ne mai tashi kafin shayi na uku yana cewa an aike shi. Duk fada ta san ya ji haushi, kuma gobe da wannan za a soma.

Sani Kabu-kabu: Shi ya sa ni ban yarda da wasan nan ba sam. Wani ya taɓa ce mini tun da na yi aure shekara huɗu ba a ci sunana ba, mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma har gida zuciyata na tafasa.

Kawu Mamman: Sani, wannan cin fuska ne, kuma babu wanda ya ce ka yi masa dariya. Wando ana sake shi gobe. Haihuwa, uwar mutum, nakasa, bashin da ke wuyansa, ba a wasa da su. Ko kalmar "bawana" ɗin nan, tsakanin taubasai take tafiya, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare, Bazabarme da Bagobiri, domin kowa ya san gobe shi ma za a ce masa. In wanda babu wasa tsakaninku ya faɗa maka ita, magana ta canza. A irin taka, ka ɗaure fuska ka ce, "Wannan kam bar shi," ba tare da ɗaga murya ba, sauran maganar ku yi ta ku biyu.

Abdu Ɗan Tawa: Ai tun 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin al'adun gado na duniya. Don haka taubashi ba ya fushi, haramun ne a al'ada.

Rakiya: Ba ya nuna fushi a gaban jama'a dai, Abdu. Ni ɗan kawuna kullum Gajeruwa yake ce mini, ina amsawa da "Na'am, Dogo" mu wuce. Ranar da ya faɗe ta a gaban dangin mijina, na yi murmushi, amma da dare na kira shi. Bai sake ba a wurin baƙi.

Isufu: To ni abin da ya rage mini: in kullum kai ne ake tasawa, kullum kana dariya, ba za a mai da kai jakin fada ba?

Kawu Mamman: Za a iya. In ka ga mako guda cur kai kaɗai ake yi wa, kuma kai in ka taɓa wani sai fuska ta canza, to ka duba fadar da kake zama.

Sani Kabu-kabu: Ni fa mai maganar nan har yau muna zama tabarma ɗaya, kuma ban ce masa komai ba.