Neman kalmar Hausa ga aikin saka rubutun allon shago a hoton da manhaja ta zana

Malam Garba, Jekadafari:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakonku a kan wata kalma da nake buƙata wajen koyar da yaran shagona a nan Gombe. Aikin da nake nufi shi ne wanda Turawa ke kira kwamfozitin, wanda masu amfani da Blender suke ganin sunansa a saman allo a rubuce `Compositing`, amma ni ɓangare ɗaya ne kawai na aikin ya dame ni, wato a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana shago da allonsa babu rubutu, sannan mutum ya zo daga baya ya saka rubutun da hannunsa ta yadda mai kallo zai ɗauka tun asali a jikin allon yake.

Abin da ya kai ni ga wannan hanya shi ne wata Hajiya mai sayar da kayan aure da ta nemi hoton talla, tana son a ga shago da allo a saman ƙofa an rubuta SAUƘI KAYAN ƊAKI. Na gwada ya fi sau goma. A wani hoton lanƙwasar Ƙ ta ɓace, a wani kuma Ɗ ya koma kamar P, a wanda ya fi kyau duka sai aka ninka harafin A, lambar wayar da na bayar kuwa ba ta taɓa fitowa da lambobi 11 cif ba. Da na daina kokawa da manhajar na saka rubutun da kaina, cikin rabin awa aikin ya kammala. Yarana suna cewa "liƙawa", ni kuma kalmar ba ta kwanta mini ba.

Ɗanlami, Pantami:

Wa alaikumus salam, Malam. Ai kalmar tana nan, allon sanarwa ko allon talla, wasu ma sayinbod suke cewa, kuma kowa yana ganewa.

Malam Garba:

Na gode, Ɗanlami, amma ba sunan allon nake nema ba, sunan aikin saka rubutun a cikin hoton nake nema.

Malama Rahila, Tumfure:

Malam Garba, a ganina babu buƙatar sabuwar kalma. Mu da muke shirya katin biki da takardun talla a CorelDRAW kullum muna "ɗora rubutu" a kan hoto, kuma abin da ka bayyana ɗin ke nan. Sannan ina jin matsalar ta kusa wucewa, domin sababbin manhajojin suna rubuta kalmomi daidai yanzu. Na gwada da sunan shagona ya fito babu kuskure.

Injiniya Bappa, Bolari:

Malama, kina da gaskiya cewa sababbin sun fi na da iya rubutu, musamman gajerun kalmomin Turanci da manyan haruffa, sai dai ina zaton sunan shagonki ba shi da harafi mai lanƙwasa. Manhajar ba ta da maɓallan buga rubutu a cikinta, siffar haruffa take zanawa kamar yadda take zana tagar mota ko ganyen darbejiya, gwargwadon abin da ta saba gani a hotunan da aka horar da ita da su. Alluna masu K da D sun cika waɗancan hotuna, masu Ƙ da Ɗ da Ɓ kuwa ƙalilan ne, don haka idan ta zo kan lanƙwasar sai ta karkata ga siffar da ta fi sabawa da ita. A wurinmu kuwa wannan 'yar lanƙwasa ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa, kuma mai masaukin baƙi ba zai karɓi allon da aka rubuta masa masaukin baki ba.

Game da "ɗorawa", kalmar ta dace da katin biki, inda rubutu yake shawagi a gaban hoto kuma kowa ya san ba a cikin hoton yake ba. Abin da Malam Garba yake yi ya wuce nan, kuma idan na faɗi yadda nake yinsa za a ga inda kalmar ta gaza.

Da farko ina neman allo fari fat, da umarni irin wannan:

```
blank white signboard above the shop door
```

Ba na yawan rubuta mata cewa kada ta sa rubutu, domin ambaton rubutun kansa kan jawo ta ta yi wasu 'yan zane-zane masu kama da haruffa. Idan manhajar tana da gurbin `negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so ya fito a hoton, a can nake sa shi, idan kuma duk da haka ta ɓata allon sai in goge. Bayan haka ina ƙara girman hoton kafin in taɓa rubutu, domin manhajoji da yawa suna ba da hoto mai faɗin fiksel 1024 ne, wanda bai isa a buga babban fosta da shi ba.

Sai in buɗe hoton a GIMP, in rubuta kalmomin a miƙe a wani falle daban, wato `Layer`. A nan ne ake fara yin kuskure, domin ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da namu ba. Idan salon ba shi da Ƙ, kwamfuta takan aro shi daga wani salon ba tare da ta sanar ba, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa siranta ko tsawo, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su. Lambar Ƙ ita ce `U+0198`, ta Ɗ `U+018A`, ta Ɓ kuma `U+0181`, ga wanda madanninsa ba shi da su.

Daga nan sai in ɗauki `Perspective`, in ja kusurwoyi huɗu na fallen rubutun su hau kan kusurwoyi huɗu na allon, saboda allon da aka hango daga gefe ɓangarensa na nesa ya fi ƙanƙanta, kuma dole ƙasan haruffa ya bi layin ƙasan allon. Launi kuma ba na sa baƙi wuluk, ina ɗebo shi ne daga wuri mafi duhu a cikin hoton, kamar cikin ƙofar shagon, domin a ƙarƙashin rana da ƙurar hunturu babu fentin da yake fitowa baƙi ƙirin. In mayar da fallen `Multiply` don tsatsa da tabon allon da inuwar rumfar kwano su ratso ta cikin haruffan. Wannan yana aiki ne idan rubutun ya fi allon duhu. Farin rubutu ɓacewa yake yi gaba ɗaya a `Multiply`, shi sai a bar shi a `Normal` a ɗan rage ƙarfinsa. Daga ƙarshe in dusashe gefen haruffan da `Gaussian Blur` na kamar fiksel 1, in duba ko kaifinsu ya yi daidai da kaifin bakin allon, sannan idan wayar lantarki ko sandar rumfa ta gitta ta gaban allon in share rubutun a daidai wurin don ta koma gaba.

Abu ɗaya da nake gargaɗin kowa a kai shi ne kada a sake mayar da hoton cikin manhajar bayan an saka rubutu, ko da don ƙara girma ne, domin takan sake zana haruffan ta cinye lanƙwasar da aka sha wahala a kanta.

Baba Sale mai fenti, Herwagana:

Ni ban san kwamfuta ba, jikana ne yake karanta mini yana rubuta abin da na faɗa. Shekaru da yawa ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci da buroshi. Abin da Injiniya ya bayyana, a ce an kawo abu daga waje an rufe gurbi da shi, mu maho muke ce masa, ko faci. Amma ina da ja a kan maganar dusashe rubutu. Mai shago kuɗi ya biya don a karanta sunansa daga tsallaken titi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce a rage wa allonsa haske ba.

Injiniya Bappa:

Allah ya ƙara girma, Baba. Dusashewar da nake nufi ba ta kai yadda ido zai lura da ita ba, ana yinta ne don kada haruffa su fi allon da suke kai kaifi, amma na yarda cewa idan allon ƙarami ne a cikin hoton gara a karanta shi da a ce ya saje. Maho kuwa ina ganin kishiyar abin da muke nema ne, tunda maho a riga daga nesa ake hango shi.

Malam Garba:

Maganar Baba ta sa na gane abin da ya hana "liƙawa" kwanta mini. Abin da aka liƙa ko aka manna yana zaune ne a saman wani abu, ana iya ɓamɓare shi, ga shi kuma mun riga mun ba kalmar aikin `Paste`, idan na ce wa yaro ya liƙa rubutu zai danna maɓalli biyu ya ce ya gama. "Haɗawa" ta yi faɗi da yawa, har haɗa waya da caja haɗawa ne.

Kalmar da ta zo mini ita ce dashe. A lambunan Dadin Kowa ana renon irin tumatir da albasa a wani ɗan fili daban, sai ya yi ƙwari a cire shi a dasa a inda zai zauna, kuma ba a cewa an gama sai dashen ya kama. Haka rubutun nan yake, ana shirya shi a miƙe a gefe, a tabbatar da kowane harafi, sannan a kai shi kan allo a daidaita shi da kwana da haske da inuwar wurin. Kunnen mutane ma ya saba da dashen ƙoda da dashen gashi. Zan iya ce wa yaro "dasa rubutun", in ya kawo mini na ga haruffan suna shawagi in ce masa "dashen bai kama ba", kuma zai san cewa kusurwa ko launi ko kaifi zai koma ya duba.

Malama Rahila:

Dashen rubutu ya yi daɗin faɗa, kuma na ga bambancinsa da ɗorawar da muke yi a katin biki. Sai dai ban gamsu cewa zai ɗauki kwamfozitin gaba ɗaya ba. Idan an haɗa sararin sama daga hoto ɗaya, gini daga wani, mutane daga na uku, wanne aka dasa a cikin wanne? A can ina ganin "sajewa" ko "haɗin hoto" ya fi kusa. Na gwada SAUƘI a manhajar da nake yabo, a hoto huɗu sau ɗaya Ƙ ya fito daidai.

Injiniya Bappa:

Na goyi bayan dashe ga wannan aikin na allo, babban sunan kuma a bar shi a buɗe. Akwai inda ni kaina dashen yake ba ni wahala, kamar tutar yadi da iska ta lanƙwasa, inda kusurwa huɗu ba sa isa sai an bi kowace tattara, da kuma shagon da allonsa yake haskawa a gilashin mota, domin sai an dasa rubutun sau biyu, na biyun a juye. Ina kuma so mu tsayar da kalmar `Layer`. Ni falle nake cewa, na ji wasu a Bauchi suna cewa shimfiɗa.

Malam Garba:

Daga gobe zan fara amfani da dashe a shago in ga ko yaran za su riƙe shi. Falle nake cewa ni ma, amma zan so jin ta bakin mutanen Bauchi. Hajiyar kayan ɗakin ta dawo jiya tana son a sauya lambar waya, da yake na ajiye fayil ɗin GIMP, wato `XCF`, da fallayensa a rabe, lambar kaɗai na sake dasawa, sauran hoton ban taɓa shi ba.