Firintata ta dame ni da cin takarda, in gyara ko in sayar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da wata kwaleji a Kano. Firintata leza ce, baƙi da fari, ta hannu na saya, shekara uku ke nan. Tunda damina ta kankama ba na buga shafi goma ba ta riƙe takarda ba. Wani lokaci sai ta yi ta gurnani takardar ba ta ko motsa daga tire ba, wani lokaci kuma ta jawo biyu ko uku a haɗe. Mai gyara ya ce dubu 18 zai canza rola. Ga shi ɗalibai sun fara kawo aikin kammala karatu. In biya, ko in haƙura in nemi wata?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Hajiya, zuba mata sabon tawada, wataƙila kan ne ya toshe.

Baban Khalifa: Malam, ta ce leza ce, ina ruwan leza da tawada? Hajiya, inda takardar take tsayawa shi zai gaya miki ciwon. Wadda ba ta barin tire, rola ce, wato robar da ke jawo takarda, ta suɗe. Ciro tiren ki shafa ta da yatsa. Sabuwa tana da kaushi, wadda ta gaji kuwa sumul za ki ji ta kamar tsohuwar tayar Keke Napep. Jawo biyu-biyu kuma ba laifin rolar ba ne ita kaɗai, akwai wata 'yar roba shimfiɗe a ƙarƙashinta da ke tare takarda ta biyu. Idan mai gyaran ya canza rola ya bar wannan, ba za ki rabu da shi ba. Amma kafin ki ba shi ko sisi, goge rolar da tsumma mai ɗan laima, ki bari ta bushe, ki fasa sabon rim ki gwada shafi 50.

Maman Ilham: Na gode Malam. Takardar dai a ƙasa nake jibge ta, bayan ƙofa.

Baban Khalifa: A kan siminti, a watan Agusta? Ai ta sha danshi. Za ki ga tana fitowa a nannaɗe, har da ɗan tururi a bakin fita. Ɗora ta a kan kantar shagon, kada ki buɗe rim sai za ki yi aiki da shi.

Ƙanin Ango: Ko ki shanya ta a rana kamar kilishi, yaji kawai zai rage.

Abu Hanan: Ni kuwa ba danshi ne ya kashe tawa ba, son banza ne. Wani ya kawo mini katin ɗaurin aure guda 200, ya zo da takardarsa mai sheƙi, irin ta hoto da ake sa wa firintar tawada. Na san ba ta leza ba ce, amma na hango kuɗi. A ta bakwai sai wari ya tashi. Hitar da ke manna tona, wato baƙin garin da leza ke rubutu da shi, zafinta yana kai wajen digiri 200, ashe fuskar takardar ta narke ta liƙe a jiki. Yarona ya sa wuƙa zai ɓanɓaro, ya yaga ledar hitar. Na kai gyara, mutumin ya riƙe ta sati uku, ya dawo mini da ita da hitar wata tsohuwar firinta. Har yau kowane shafi da baƙin layi a gefe. Angon ma bai biya ni ba.

Baban Khalifa: Allah Ya mayar da alheri. Kati na gaske ma sai an saka shi ta tiren gaba ɗaya-ɗaya, a canza Paper Type zuwa Cardstock don ta rage gudu. Ita takardar yau da kullum mai giram 80 ce.

Ɗan Zariya: Dubu 18 dai cuta ce. Ni dubu 4 na sayi rola.

Ummu Sadik: Yaushe? Wata biyu da suka wuce dubu 9 aka ce mini, ban da kuɗin aiki. Kai da ka ce a zuba wa leza tawada, wa zai ɗauki farashinka?

Ɗan Zariya: Shi Baban Khalifa ai mai gyara ne, dole ya ce a gyara.

Baban Khalifa: Da kuɗi nake nema da ban ce ta fara da tsumma ba.

Ummu Sadik: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya rim ɗin kansa ne. An rubuta 500 a jiki, na zauna na ƙirga wani na samu 460 da 'yan kai, ga ta shara-shara, kana hango yatsanka ta baya.

Abu Hanan: Sake naɗe ta ake yi. Dubi manne bakin ledar da kyau kafin ki biya.

Maman Ilham: Na goge, na fasa sabon rim. Shafi 30 lafiya lau, a na 31 ta sake jawo biyu. Wai ita 'yar robar ƙasan ana sayar da ita daban ne?

Ƙanin Ango: Ummu Sadik, tsakani da Allah zama kika yi kika ƙirga har 460?