Ruwan da aka dafa ya koma asid ne? Ɗalibata ta tsare ni da tambaya

Malam Nasiru: Assalamu alaikum malamaina. Ina koyar da kemistiri a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙauye, wajen Gumel. Na koya wa 'yan SS2 cewa pH na tsantsar ruwa 7 ne, kuma pH + pOH = 14. Sai wata ɗaliba ta kawo tsohon littafin yayanta, a ciki an rubuta cewa a zafin digiri 40 pH na tsantsar ruwa 6.77 ne. Ta ce ke nan ruwan da ya yini a jarka cikin ranar bazara ya zama asid? Na ce mata za mu duba ranar Litinin. Don Allah me zan faɗa mata?

Sani Ɗan Ringim: Wa alaikumus salam. Malam, kuskuren ɗab'i ne kawai. Ruwa ba asid ba ne, ba alkali ba ne, a tsakiya yake, kuma tsakiya 7 ne ko a ina. Ka ce mata ta riƙe 14 ɗin nan da hannu biyu, shi za ta tarar a jarabawa.

Malam Garba: Sani, rabin maganarka daidai ne. Ruwan yana nan a tsakiya, amma littafin bai yi kuskure ba. Nasiru, bari in ɗan ja maganar, don na daɗe ina koyar da wannan babin kafin in yi ritaya.

Ko ba a zuba komai a cikin ruwa ba, ƙwayoyinsa suna ta karo da juna. Jefi-jefi wata takan miƙa wa 'yar'uwarta haidirojin guda, sai a samu ayon biyu:

```
2H2O ⇌ H3O+ + OH-
```

Nan take kuma wasu suna sake haɗewa su koma ruwa, shi ya sa kibiyar take kallon gaba da baya. Waɗanda suke a rabe a kowane lokaci kaɗan ne ƙwarai. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da mol kusan 55.5, amma a digiri 25 abin da ya rabu mol 0.0000001 ne kacal, wato ƙwaya ɗaya cikin miliyan 555 ko kusa da haka. Abin da nake so ka ja wa ɗalibarka layi a ƙarƙashinsa shi ne, duk rabuwa ɗaya tana haifar da H3O+ ɗaya, wanda muke taƙaitawa da H+, da OH- ɗaya. Babu yadda za a yi a tsantsar ruwa ɗaya ya fi ɗaya yawa.

Idan ka ninka yawan wannan da yawan wancan, za ka samu lamba da ake kira Kw:

```
Kw = [H+][OH-] = 1.0 × 10^-14   (25 °C)
```

Daga nan 14 ɗin ta fito, ba daga sama ta faɗo ba. Ka ɗauki log na ɓangarorin biyu ka juya alamar, ninkawa ta koma tarawa, sai ka ga pH + pOH = 14. Bakwai kuwa rabin 14 ne, tunda su biyun kunnen doki suke.

To, amma dubi abin da na rubuta a gefen lissafin: digiri 25. Rabuwar ƙwayar ruwa tana shan zafi, don haka da zarar ruwa ya ɗumama, ƙwayoyin da suke rabuwa sai su ƙaru, Kw ya hau. A digiri 40 yakan kai 2.92 × 10^-14. Yanzu yi lissafin a gaban yara:

```
[H+] = [OH-] = √(2.92 × 10^-14) = 1.71 × 10^-7
pH = 6.77    pOH = 6.77
pH + pOH = 13.54
```

H+ ya ƙaru, gaskiya ne, shi ya sa pH ya sauka. Amma OH- ma ya ƙaru daidai da shi, shi ya sa pOH ma ya sauka zuwa 6.77. Asid shi ne ruwan da H+ ya rinjayi OH- a cikinsa, nan kuwa babu wanda ya rinjayi wani. Ruwan bai motsa daga tsakiya ba, tsakiyar ce ta sauko daga 7 zuwa 6.77. A ƙanƙara, wajen digiri 0, tsakiyar takan hau zuwa 7.47, a tafasa kuma ta gangara kusa da 6.1.

Malam Nasiru: Allah ya saka da alheri, Baba. Na gane. Amma yaya zan sa yaran su ga bambancin ninkawa da tarawa? Da yawansu sun ɗauka [H+] da [OH-] ne ake tarawa a samu 14.

Malam Garba: Ni da fili nake yi musu misali. Ka ce an ba mutum fili mai murabba'in mita 100, ba ƙari ba ragi. Zai iya yanka shi tsawo 10 faɗi 10, ko tsawo 50 faɗi 2, ko tsawo 100 faɗi 1. Duk yadda ya ja tsawon, dole faɗin ya tsuke, amma ba zai taɓa zama sifili ba. Tsawon shi ne H+, faɗin OH-, girman filin kuma Kw. Zuba asid jan tsawo ne, zuba alkali jan faɗi. Zafi kuwa ƙara girman filin yake yi gaba ɗaya, tsawo da faɗi su ƙaru tare suna daidai da juna. Da wannan za su fahimci cewa ko a cikin ruwan batir akwai OH-, kaɗan ne dai.

Alhaji Ado Mai Taki: Malamai ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai. Rijiyar gidana ruwanta yana da zartsi, sabulu ba ya kumfa da kyau. Idan na fahimce ku, in aka dafa shi zai rage kanwar da ke ciki ke nan?

Anti Rabi: A'a Alhaji, naka daban ne. Su suna maganar ruwan da babu komai a cikinsa, naka kuwa gishirin ƙasa ne ya narke a ciki. Dafawa takan fitar da wani sashe, shi ne farin abin da ke manne wa gindin tukunya, wani kuma ko ka kwana kana dafawa yana nan. Ka kai kwalba ɗaya a gwada maka.

Malam Nasiru, ni a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma ina so in ja kunnenka kafin Litinin. Kada ka ce za ka ɗora buta a wuta ka tsoma mitar auna pH don ka nuna wa yara 6.77, za ka ji kunya. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, da ya sha iska sai ya zuƙi CO2, wanda ke zama asid mai rauni a cikinsa, pH ya gangara har wajen 5.6. Idan ka dafa shi, iskar ta fice, sai ka ga lambar tana hawa maimakon sauka, akasin abin da ka faɗa musu. Ga shi kuma ruwan da ba shi da ayon sosai yana sa ƙaramar mita ta yi ta yawo, lamba ba ta tsayawa wuri ɗaya. Takardar gwaji kuwa ba za ta raba maka 7 da 6.77 ba, launin ɗaya ne a ido. Wannan darasi na allo ne da kalkuleta.

Sani Ɗan Ringim: Anti, ai mitocin yanzu akwai ATC a jikinsu, suna gyara zafi da kansu. Ashe ba zai mayar da lambar 7 ba?

Anti Rabi: ATC yana gyara yadda bakin mitar ke amsawa ne idan zafi ya canza. Ba ya taɓa abin da ke faruwa a cikin ruwan. Zai ba ka pH na gaskiya a zafin da ruwan yake, ba wanda zai kasance a digiri 25 ba. Shi ya sa mu kullum muke rubuta zafin kusa da lambar.

Malama Zulai: Ni ma kemistiri nake koyarwa a wajen Ɗambatta, kuma ra'ayina ya ɗan saɓa. Yaranmu ba a zafi suke faɗuwa ba, a nan suke faɗuwa: a ba su NaOH mai ƙarfin mol 0.01 a lita, su danna log su rubuta pH = 2. Sun mayar da sodar sabulu asid! Abin da suka samo pOH ne, saura su cire shi daga 14 su samu 12. Idan Ca(OH)2 ne mai mol 0.005, sai sun fara ninkawa da biyu, domin kowace ƙwaya OH- biyu take saki, amsar ta sake zama 12. Ni a ganina ka amsa wa yarinyar ita kaɗai bayan darasi. In ka buɗe wa aji duka cewa 14 tana motsi, wanda bai riƙe ta ba ma zai sake ta.

Malam Garba: Malama Zulai, a kan jarabawa gaskiyarki, in ba a ambaci zafi ba digiri 25 ake nufi, 14 ce. Amma yaron da ya haddace 14 bai san mafarinta ba, ga inda yake tuntuɓe. Ba shi HCl mai ƙarfin 1 × 10^-8. Zai rubuta pH = 8 hankalinsa kwance, wato ya zuba asid a ruwa ya samu alkali. Abin da ya manta shi ne ruwan da kansa yana ba da H+ wajen 10^-7, ninki goma na abin da asid ɗin ya kawo. Ba kuma tara su za a yi kai tsaye ba, domin shigowar asid ɗin tana ɗan danne rabuwar ruwan. Sai a koma wa Kw. Idan x ne jimillar H+, to OH- shi ne x ban da abin da asid ya kawo:

```
x(x - 1 × 10^-8) = 1 × 10^-14
x = 1.05 × 10^-7
pH = 6.98
```

Ƙasa da 7 da ƙiris, kamar yadda hankali zai ɗauka. Ni nakan ce musu muddin ƙarfin asid ya yi ƙasa da 10^-6, su daina yin kamar ruwan ba ya nan.

Malama Zulai: Baba, wannan ai tambayar 'yan jami'a ce. Ni aji na mutum fiye da kujerunsa gare ni, kalkuleta kuma sai an yi aro.

Malam Nasiru: Na gode muku duka. Zan yi lissafin digiri 40 a allo in bar ta ta nemo pOH da kanta, na HCl kuma in ajiye wa masu son ƙari. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: NaOH ɗin Malama Zulai, idan a digiri 40 ne, pH ɗinsa 12 ne har yanzu?

Malam Garba: A'a. pOH yana nan 2, domin sodar ce ke ba da OH-, abin da ruwa ya ƙara bai kai a lissafa ba. Amma yanzu daga 13.54 za ka cire, sai ka samu 11.54. Ka ba yarinyar wannan ma ta gwada, kada ka faɗa mata amsar.